Takardar makara da Mahamadu zai liƙa a ƙofar izin

Mahamadu: Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanku da dare. Ina neman shawara kafin in yi abin da zai dawo mini. Ni ne shef a wata ƴar izin ta ruwan leda nan Yamai, wajen Gamkale. Mutum 27 gare mu a kan mashin, ekip uku: ta safe daga 6 zuwa 2, ta rana daga 2 zuwa 10, ta dare daga 10 zuwa 6. Makara ta yi mana yawa, har wanda ya kwana yana aiki sai ya kai bakwai da rabi yana jiran mai canjinsa. Maigida ya ce in rubuta sanarwa in liƙa. Ga abin da na rubuta:

"Ana sanar da dukkan ma'aikata cewa daga mako mai zuwa dole kowa ya riƙa zuwa aiki a kan lokaci. Duk wanda ya yi latti sosai ko yake yawan fashi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, za a yanke masa jika ɗaya kuma za a ɗauki mataki a kansa. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar da wuri."

Ya yi, ko da gyara?

Abdu Bukoki: Wa alaikumus salam. Ni dai shawarata ka bar wahalar da kanka da takarda. Ku sayi mashin ɗin nan ta dangwala yatsa, kowa ya zo ya dangwala, ita ba ta san ɗan'uwa ba, ba ta san aboki ba. Inda nake aiki tun da aka kawo ta gardama ta ragu.

Hajiya Rabi: Abdu, mashin za ta gaya maka Sani ya dangwala 6 da minti 7. Ba za ta gaya maka ko minti 7 makara ce ba, sai in an rubuta. Tambayar Mahamadu a kan rubutun take.

Mahamadu ƙanena, na karanta sau biyu. Shekaru na yi ina riƙe da sha'anin ma'aikata, kuma irin wannan takarda na ga yadda take ƙarewa. Bari in yi maka tambayoyi kamar ni ce ma'aikaciyar da za a hukunta. "Mako mai zuwa" wanne? In ka liƙa ran Asabar, wanda ya karanta ran Litinin zai ce ai mako mai zuwa bai zo ba tukuna, kuma bai yi ƙarya ba. "A kan lokaci" da agogon wa, kuma a tsaye a ina? A bakin ƙofa wajen mai gadi, ko a ɗakin canza kaya, ko gaban mashin? "Latti sosai" minti nawa ne? "Yawan fashi" sau nawa, cikin kwana nawa? "Ƙwaƙƙwaran dalili" wa ke auna ƙwarinsa? "Da wuri" awa nawa, kuma a sanar da wa? Duk kalmar da ba ka sa mata lamba ko suna ba, ranar rigima kai za ka cike ta da bakinka, shi ma ya cike ta da nasa, kuma mutane za su ce son rai ka yi ko da ba ka yi ba.

Mahamadu: Hajiya, wallahi ni a kaina duk na san amsoshin. Na ɗauka kowa ya sani.

Hajiya Rabi: To ka faɗe su nan, ɗaya bayan ɗaya, mu ji. Fara da wannan: yaushe ne mutum "ya zo"?

Mahamadu: In yana gaban mashin ɗinsa da kayan aiki a jikinsa, ƙarfe 6 daidai. Don wasu suna shigowa 6 saura biyu, su sa hannu, sannan su tafi canza riga, su sha shayi wajen mai shayin bakin ƙofa, mashin ba ta ga mai ita ba sai shida da minti ashirin.

Hajiya Rabi: Ka ga ni? Ashe ba shigowa ce damuwarka ba, karɓar mashin ce. Kuma takardarka ba ta ce komai a kai ba. Mai shan shayin nan yana da hujja: ya zo a kan lokaci, ga sa hannunsa a kaye. Abu mafi sauƙi, ka ɗauke kayen sa hannu daga ɗakin mai gadi ka kai shi cikin ɗakin mashin, kan teburin shef ɗin ekip. Ba a sa hannu sai da kayan aiki a jiki. Sai jimlar ta zama guda ɗaya: lokacin zuwanka shi ne lokacin da ka sa hannu a kayen ɗakin mashin. Agogo kuma ɗaya, na bango, sama da kayen. A daidaita shi da wayar shef duk ran Litinin, a gaban mutane, don kada wani ya ce an tura shi gaba.

Malam Isufu: Salamu alaikum. Ni delege ne a wajen aikinmu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne jika ɗayan nan. Mahamadu, cire ta. Dokar aiki ta ƙasar nan, ta 2012, ta hana mai aiki ya ci ma'aikaci tara. Ko ka liƙa, ko sun sa hannu sun yarda, in mutum ɗaya ya kai takardar wajen sufeton aiki, ku za a ba rashin gaskiya. Albashin mutum ba a taɓa shi ko dala, ko ya makara awa uku.

Hajiya Rabi: Malam Isufu, rabin farko haka yake, tara haramun ce a doka. Amma ƙarshen maganarka ya wuce wuri. Akwai bambanci tsakanin tara da ƙin biyan lokacin da ba a yi aiki ba. Bari mu yi lissafi. Mako na doka awa 40 ne, shi ya sa a takardar albashi ake lissafa wata a kan awa 173 da ɗan ɗori. Mu ce mutum yana ɗaukar jika sittin a wata. Ka raba 60.000 da 173, awarsa ɗaya ta kama sefa 346, kusan dala saba'in. Ya makara rabin awa, abin da bai yi aikinsa ba sefa 173 ne. In an cire masa wannan, lokacin da bai yi ba ne ba a biya ba. In an cire masa jika, an cire kuɗin kusan awa uku a kan rabin awa, sauran duk tara ce da aka canza wa suna.

Ni dai a wurina ma ba na son cire mintoci, don aikin lissafinsa ya fi kuɗin yawa, kuma yana sa wasu su ɗauka sun sayi makarar: na biya, me kuma? Amma wannan ra'ayina ne. In maigidansu ya nace, a rubuta "ba a biyan lokacin da ba a yi aiki ba", kada kalmar yanka ko tara ta fito.

Malam Isufu: Na karɓi gyara a kan lissafin, Hajiya. Amma in za a ƙirga mintin da ma'aikaci ya ci, a ƙirga wanda aka ci masa. Wanda ya kwana kan mashin ya tsaya har bakwai da rabi yana jiran mai canji, wa ke biyansa awa ɗaya da rabin nan?

Mahamadu: Gaskiya ba a rubuta ta ko'ina. Mukan ce masa sannu, wani lokaci a ba shi kuɗin taksi.

Malam Isufu: To ka ga inda takardarka za ta faɗi. Mutanen da kake so su goyi bayanta su ne waɗanda ake bari a tsaye. In suka ga layi ɗaya da ya ce lokacin jiransu ana rubuta shi a biya shi a matsayin ƙarin awa, su da kansu za su riƙe maka dokar.

Sani: Ku gafarce ni, ni ba shef ba ne, leburan dare ne a wani wuri, amma abin da ya same ni ya shafi wannan. An liƙa mana takarda an ce sabon tsari zai fara "daren Litinin". Ni da mutum uku muka zo ran Lahadi da dare, don a wajenmu daren Litinin shi ne wanda in gari ya waye Litinin ce, kamar yadda kowa ya san daren Juma'a ran Alhamis ake shigarsa. Muka tarar ba mu ne a layi ba. Muka koma gida, ni har Talaje, da kuɗin kabu-kabu na zuwa da komowa. Washegari biyu daga cikinmu ba su zo ba, sun ɗauka nasu ya wuce, aka rubuta musu fashi. Har yau abin yana yi mini ciwo, don ba wanda ya yi niyyar ƙin aiki.

Hajiya Rabi: Sani, Allah ya saka maka, wannan ya fi duk abin da na faɗa. Wanda ya rubuta takardarku da Faransanci ya yi tunani, dare na bin ranarsa. Mai karatu da Hausa ya yi tunani, dare na gaban ranarsa. Kowa da gaskiyarsa. Mahamadu, kada kalmar "daren kaza" ta shiga takardarka ko sau ɗaya. Ekip ta dare kullum a rubuta ta da ranaku biyu: daga Litinin ƙarfe 10 na dare zuwa Talata ƙarfe 6 na safe. Ya fi tsawo, amma ba mai karanta shi iri biyu.

Haka ma ranar farawa. In ka ce doka ta fara Litinin 1 ga Yuni, ekip ɗin da ta shiga Lahadi da dare tana cikin aiki Litinin ɗin za ta same ta. Tana ciki ko ba ta ciki? Sai ka faɗi awa: ta fara da ekip ta safe, ƙarfe 6.

Zeinabu: Ni a likita nake aiki, mu ma gardi muke yi. Ƙari kaɗan a kan awoyi. Mu a takarda 14h da 22h muke rubutawa, kuma wanda ya yi lakkwal ba ya ruɗewa. Amma masu shara da masu gadi da yawa in ka ce ƙarfe 22 sai sun tsaya lissafi. A ta Hausa ku sa "2 na rana", "10 na dare", "6 na safe", kada a bar lamba tsirara ko da ana ganin kowa ya sani. Shida biyu ce a yini.

Mahamadu: Na gode Zeinabu. Yanzu babbar gardamar da muke yi da maigida: a ba da sassaucin minti 10 ko kada a ba da? Shi ya ce ko minti ɗaya makara ce. Ni ina ganin akwai tsanani.

Lawali Tawa: Ni nan Tawa nike, gidan burodi muke da shi, kuma na gwada abin ga. Na ce minti goma ba komi. Cikin wata guda kowa ya maida shida da goma ita ce shida. Wanda ya zo shida da sha biyu sai ya ce mini minti biyu kawai ya makara. In ka ba da goma ka matsar da lokacin ne, ba ka yi sassauci ba. Maigidanka ya fi ka gaskiya.

Zeinabu: Malam Lawali, Tawa ba Yamai ba ce. Mutumin da ke Harobanda ko Kirkisoy sai ya ƙetare gada, kuma ƙarfe biyar na asuba faba-faba ba ta cika samuwa ba. Ga damina na tafe. Ran da aka kwana ana ruwa, wasu unguwannin ko babur ba ya fita. A ce minti ɗaya ya zama laifi a rubuce, mutumin kirki ma sai ya tara laifi uku a wata.

Lawali Tawa: Wanda ke nesa shi ya kamata ya riga kowa fitowa. Mu masu kwaɓa ƙarfe ukun dare suke tashi.

Hajiya Rabi: Ku biyun kuna magana a kan abu biyu ne daban, shi ya sa ba za ku haɗu ba. Akwai abin da ake kira makara, akwai kuma abin da ke jawo hukunci. Lawali yana da gaskiya cewa lokaci ɗaya ne: 6 da minti 1 makara ce, a rubuta ta da mintinta. Zeinabu tana da gaskiya cewa ba kowace makara ce za ta kai mutum biro ba. Sai sassaucin ya koma wajen ƙirga: makara uku cikin wata ɗaya ba hukunci, ta huɗu ce ke jawo takarda. Ta haka shida tana nan shida, kuma wanda gada ta riƙe sau biyu bai shiga uku ba.

Sai dai a faɗi wane wata. Daga 1 ga wata zuwa ƙarshensa, ko kwana 30 daga makarar farko? Na farkon ya fi sauƙin ganewa, kowa ya san ran 1 an share allo. Aibinsa, mai wayo zai iya makara uku a ƙarshen wata, uku a farkon na gaba. Ni na yarda da wannan aibin, don dokar da lebura zai iya ƙirga wa kansa da yatsu ta fi wadda sai shef ya duba kalanda.

Lawali Tawa: Uku ta yi yawa, Hajiya. Mutum tara a ekip, kowa ya ci ukunsa, makara 27 ke nan a wata ba wanda aka ce wa uffan. Ni biyu zan sa.

Hajiya Rabi: Wannan su za su yanke da delegensu, sun fi mu sanin mutanensu. Ko biyu ko uku, a dai rubuta lambar.

Abdu Bukoki: To wanda ya zo bayan awa biyu fa? Shi ma makara ɗaya ce kamar mai minti biyar?

Mahamadu: Tambaya mai kyau, Abdu. A aikace in mutum ya wuce awa ɗaya mun riga mun kira wani ya maye gurbinsa. In ya zo ma ba mashin da zai hau.

Hajiya Rabi: To rubuta hakan. Bayan awa ɗaya ba tare da kira ba, an sa wani, ranar ta zama fashi. Amma ka lura da "ba tare da kira ba". A nan ne maganar sanarwa ta shigo, kuma ita ce na fi so ka ba lokaci. "Ya sanar da wuri" ba ta da amfani. Mutum zai ce na gaya wa Ali ya gaya maka. Wani zai ce na yi bip ba ka kira ba. Wani ya tura saƙon murya a gurup ɗin ma'aikata ƙarfe huɗun dare, ba wanda ya saurara sai takwas. Duk sun sanar a ganinsu. Dole takarda ta ce wa ake kira, a wace lamba, kafin ƙarfe nawa, kuma me ba a karɓa. Ku sayi ƙaramar waya guda ta ekip, tana hannun shef ɗin da ke kan aiki, tana wucewa daga hannu zuwa hannu tare da kaye. Kada a sa lambar mutum, don ran da yake hutu wayarsa a kashe take.

Sani: Hajiya, a bar bip ɗin don Allah. Ƙarshen wata wallahi wani ba shi da kiredi ko na dala biyar. In aka ce sai kira, an hukunta talauci ne.

Hajiya Rabi: Ban yi tunanin wannan ba. To a ce bip biyu a jere a wayar ekip, shef ya kira ka. Amma sai an yi magana baki da baki sannan ta zama sanarwa, kuma nauyin kiran yana kan shef. Mahamadu, za ka iya ɗaukar wannan?

Mahamadu: Zan iya, kiredin wayar ekip ba zai gagare mu ba. Awa nawa kafin aiki? Na so in ce biyu.

Zeinabu: Ga ekip ta rana da ta dare biyu ta yi. Ga ta safe, awa biyu kafin shida ƙarfe huɗu ke nan. Wanda ya tashi da asuba ya tarar da zazzaɓi ko yaro ba lafiya bai isa ya kira ƙarfe huɗu ba, yana barci lokacin. Ku sa biyar da rabi ga ta safe. Kuma kada ku rubuta "awa biyu kafin", ku rubuta ƙarfen kansa ga kowace ekip, kada a bar wa mutum lissafi.

Malam Isufu: Saura abu biyu. Na farko salla. Canjin 2 na rana yana faɗawa kan azahar a masallatai da yawa, ran Juma'a kuma abin ya fi haka. In takarda ta yi shiru, ran farko wani zai zo biyu da kwata ya ce salla ya tsaya, shef kuma ya rasa bakin magana, don ba mai son a ce ya rubuta mutum saboda salla. A faɗa tun yanzu yadda za a yi.

Na biyu, kuma shi ne babba: sanarwa ba ta ƙirƙiro hukunci. Hukuncin da za ka ambata sai wanda ke cikin dokar cikin gida ta izin ɗinku, wadda aka nuna wa delege, aka kai wa sufeton aiki, aka liƙa. In abin da kuke so ba ya ciki, ita za ku gyara tukuna ta wannan hanyar. Kuma kafin kowane hukunci a ba mutum takardar neman bayani, ya faɗi nasa.

Mahamadu: Muna da ita, tana biro. Na duba ɗazu: gargaɗi a rubuce, sannan dakatarwa, sannan kora. Maganar salla, muna da wurin salla a cikin gida, kuma mutanen rana da yawa a nan suke yi in sun iso. Juma'a ce ban san yadda zan yi ba.

Malam Isufu: Ku zauna da su. Wasu wuraren suna matsar da canjin Juma'a, wasu suna barin mutum biyu su riƙe mashin bi da bi. Kada ka yanke kai kaɗai.

Mahamadu: To ga sabon rubutu, ku duba:

"SANARWA GA MA'AIKATAN ƊAKIN MASHIN

Wannan doka za ta fara aiki ran Litinin 1 ga Yuni, ƙarfe 6 na safe.

1. Ekip ta safe tana fara aiki ƙarfe 6 na safe. Ta rana, ƙarfe 2 na rana. Ta dare, ƙarfe 10 na dare, ta tashi ƙarfe 6 na safen washegari.
2. Lokacin zuwanka shi ne lokacin da ka sa hannu a kayen ɗakin mashin, da kayan aiki a jikinka. Agogon bangon ɗakin mashin ake bi.
3. In ka sa hannu bayan lokacin ekip ɗinka, ko da minti 1 ne, ka makara. Shef zai rubuta mintocin a gabanka.
4. Makara ta 4 cikin wata ɗaya, daga 1 ga wata zuwa ƙarshensa, za a ba ka takardar neman bayani. In bayanin bai karɓu ba, gargaɗi a rubuce.
5. In ba za ka zo ba, ko za ka makara, kira wayar ekip. Ta safe, kafin 5 da rabi na safe. Ta rana, kafin 12 na rana. Ta dare, kafin 8 na dare. In ba ka da kiredi, yi bip 2, shef zai kira ka. Saƙo ta bakin wani ko ta gurup ba sanarwa ba ne.
6. In awa 1 ta wuce ba ka zo ba kuma ba ka kira ba, an rubuta maka fashi, za a ba ka takardar neman bayani.
7. In rashin lafiya ce, kawo takardar likita.
8. In mai canjinka bai zo ba, gaya wa shef. Lokacin da ka ƙara za a rubuta shi a kaye, a biya ka shi a matsayin ƙarin awa.
9. Ba a cin kowa tara."

Hajiya Rabi: Yanzu ka yi takarda. Ka lura da kanka ka koma cewa "ka" maimakon "duk wanda", ya fi shiga kunne. Gyara uku. Lamba 7 ba ta da lokaci, a kawo takardar likitan yaushe? Duba abin da dokar cikin gidanku ta ce ka kwafe shi daidai, kada takardu biyu su saɓa. Lamba 8, har zuwa yaushe zai jira? Mutumin da ya yi awa takwas na dare ba a barinsa kan mashin ba iyaka, hatsari ne. Sa iyaka, kuma tun da a lamba 6 ka ce awa 1, ita ma ta zama awa 1. Sannan lamba 5, wanda ya kira ya ce zai makara, ana ƙirga masa ita cikin huɗun ko ba a ƙirgawa? Ban ga amsa ba.

Mahamadu: Ana ƙirgawa. Kiran yana hana ta zama fashi ne kawai.

Hajiya Rabi: To rubuta wannan jimlar kamar yadda ka faɗe ta yanzu.

Zeinabu: Akwai mata a ɗakin? In akwai, "ka" kaɗai zai sa wata ta ce ba da ita ake ba.

Mahamadu: Huɗu, a wajen ɗaure leda, safe da rana. Zan sa layi a sama cewa ta shafi kowa, mace da namiji.

Sani: Kuma don Allah kada a liƙa kawai. A wajenmu rabin mutane ba sa karanta boko, wasu kuma Zabarmanci suka fi ji. Takarda tana bango wata guda, sai ran da aka hukunta mutum yake jin abin da ke ciki.

Malam Isufu: Haka ne. A karanta ta da baki a farkon kowace ekip, ukun duka, da Hausa da Zabarmanci, delege yana tsaye. Ta Faransanci da ta Hausa su kasance lamba ɗaya, layi ɗaya, kada a ƙara ko a rage a ɗaya. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala cewa an karanta masa, da wanda ke konje in ya dawo. Kuma a ba da aƙalla mako guda tsakanin karantawa da farawa, mutane su gyara hanyarsu.

Hajiya Rabi: Kafin duk wannan, gwada ta. Ɗauki mutum biyu, ɗaya sabon zuwa, ɗaya wanda ba ya karatu, ka karanta musu sau ɗaya. Kada ka tambaye su "kun gane?", za su ce e don kunya. Ba su labari: Musa na ekip ta dare ya sa hannu 10 da minti 4, sau na biyu a watan, me zai same shi? Hadiza ta aiko ƙanenta ya ce ba ta zuwa, ta sanar ko ba ta sanar ba? Ekip ɗin da ta shiga Lahadi 31 ga Mayu da dare, dokar ta hau kanta? In amsarsu ta bambanta da taka, ko ta bambanta da juna, layin ne ke da matsala, koma ka gyara shi.

Zeinabu: Har yanzu ba a ce komai a kan ruwan sama ba. Yuni za ku fara fa.

Lawali Tawa: In ka rubuta ruwa a takarda, ko yayyafi aka yi a Lazare sai wani ya ce shi ya riƙe shi. Uku ɗin da aka bari ai don irin wannan ne.

Zeinabu: A watan Agusta ana iya kwana ana ruwa fiye da sau uku, Malam Lawali. Mutumin ƙetaren gada zai cinye nasa ba da laifinsa ba, na Gamkale kuma da ƙafa zai iso.

Hajiya Rabi: Ni nan ban da amsa mai tsabta. Duk jimlar da na gwada a kaina, ko ta buɗe ƙofa da yawa, ko ta koma "in shef ya ga dama", wanda shi muke gudu tun farko. Takardar neman bayanin tana ba mutum wurin faɗin cewa ruwa ne, amma na san wannan bai kai abin da Zeinabu ke nema ba.

Mahamadu: Zan kai maganar ruwa da ta Juma'a gaban delegenmu ran Alhamis, tare da uku ko biyun Malam Lawali. Jika ɗayan kuma gobe da safe zan nuna wa maigida lissafin Hajiya. Gwajin zan yi shi yau da ekip ta dare, ƙarfe 10 saura kwata zan kama mutum biyu kafin su hau mashin. Malam Isufu, in na turo maka ta Faransancin za ka duba mini ko ta yi daidai da ta Hausa?

Malam Isufu: Turo, ina nan har sha ɗaya.